Me ya sa abu yake zarce inda aka tsayar da shi? Tambayoyi da amsoshi kan hannayen Beziye tsakanin kifirem masu nisa

Waɗannan tambayoyi ne da masu haɗa hoto mai motsi a Garwa, Marwa da Ngaundere suke yawan yi, musamman masu yi wa shaguna tallan bidiyo da Blender ko After Effects. Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: ƙofar shago da take buɗewa, ta tsaya a buɗe, sannan ta rufe. Bidiyon yana tafiya da firem 25 a daƙiƙa, kamar yadda aka saba a talabijin ɗin Kamaru da Chadi.

Na sa kifirem biyu masu lamba iri ɗaya, amma ƙofar tana motsi a tsakaninsu. Wa ya motsa ta?

Hannayen da manhajar ta daidaita da kanta ne suka motsa ta. Kowane kifirem, wato firem ɗin da ka ajiye wa abu lambarsa, yana da hannu biyu a giraf, na hagu da na dama, kuma layin da yake haɗa kifirem biyu, wato layin Beziye, ana zana shi ne da ɗigo huɗu: kifirem na farko, hannunsa na dama, hannun hagu na kifirem na biyu, sai shi kifirem na biyun. Layin yana bi ta kan kifirem ɗin daidai, amma hannayen jan sa kawai suke yi zuwa inda suka nufa. Idan hannu ya ɗaga sama, layin zai yi tozo a tsakiya ko da kifirem biyun suna kan lamba ɗaya.

Manhajar ba ta san cewa tsayawa kake nufi ba. Abin da take gani shi ne ƙofar ta taho da gudu daga digiri 0 zuwa digiri 90, don haka sai ta karkata hannun kifirem ɗin da ƙofar ta iso kansa sama, domin motsin ya wuce ta kansa ba tare da karyewa ba. Kamar ɗan acaba ne da ya taho a guje, aka ce masa ya bi ta gaban wani shago amma ba a ce ya tsaya ba. Zai bi ta wurin, sai dai zai zarce kafin ya juyo.

To mene ne ruwan nisan kifirem a ciki?

Tsawon hannu yana bin tazarar da ke tsakanin kifirem biyu. A yawancin manhajoji hannun atomatik yana kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar. Karkata ƴar kaɗan a kan gajeren hannu ba ta kai ko'ina, amma irin wannan karkatar a kan dogon hannu tana ɗaga bakinsa sama sosai.

Mu sa lambobi. Ƙofa tana digiri 0 a firem 0, ta kai digiri 90 a firem 10, ta tsaya a 90 har firem 135, wato daƙiƙa biyar cif. Hanya mafi sauƙi da manhaja take bi wajen karkata hannu ita ce ta ja miƙaƙƙen layi daga kifirem na baya zuwa na gaba, ta ba hannun na tsakiya wannan karkatar. A nan digiri 90 ne cikin firem 135, wato kusan digiri 0.67 a kowane firem. Tazarar tsayawar firem 125 ce, kashi ɗaya cikin uku nata kusan firem 42 ke nan. Bakin hannun zai ɗaga da kusan digiri 28 sama da 90.

Layin ba ya kaiwa bakin hannu. Idan ɗaya hannun, na firem 135, a kwance yake, tozon yana tsayawa a kashi huɗu cikin tara na tsayin hannun:

```
zarcewa = 4/9 × tsayin hannu = 4/9 × 27.8 ≈ 12.3
```

Ke nan ƙofar za ta kai wajen digiri 102 a kusa da firem 52, sannan ta dawo 90 a hankali. Idan akwai bango a bayanta, ta shige cikinsa.

Da zarar ka ƙara rufewar ƙofar, wato kifirem na huɗu a firem 145 mai digiri 0, abin ya ƙara muni. Yanzu hannun hagu na firem 135 shi ma ya ɗaga da digiri 28, saboda manhajar tana shirya wa saukowa. Hannu biyu a sama da tsayi ɗaya suna ba da tozo mai kashi uku cikin huɗu na tsayin, kusan digiri 21, a tsakiyar tsayawar. Ƙofar da aka ce ta tsaya a 90 tana lilo har 111.

Wannan ma lissafi ne mai sassauci. Akwai wata hanyar da ake ɗaukar matsakaicin gudun ɓangarorin biyu: digiri 9 a firem a hagu, sifili a dama, matsakaici 4.5. Idan ba a taƙaita tsawon hannun ba, wannan karkatar a kan firem 125 tana ba da zarcewar da ta haura digiri 80. Kowace manhaja da nata lissafin da nata birki, shi ya sa lambar da za ka gani a naka allon ba lallai ta yi daidai da tamu ba. Amma inda matsalar take fitowa ɗaya ne a ko'ina: gajeren motsi mai sauri a maƙwabtaka da doguwar tazara mai ɗan motsi ko marar motsi.

Ta yaya zan tabbatar cewa wannan ce matsalar kafin in taɓa komai?

A Blender zaɓi abin, ka buɗe `Graph Editor`, ka danna `Home` domin layin ya cika allo. Ɓoye sauran layukan, ka bar wanda kake zargi kaɗai, a misalinmu `Z Euler Rotation`. Idan tsakanin firem 10 da 135 layin ya yi tozo ko rami maimakon ya kwanta, ka gano ta.

Wani lokaci tozon ƙarami ne, ido ba ya ganin sa a giraf, amma ana ganin sa a bidiyo, musamman a ƙafar mutum da take zamewa a ƙasa. A nan lamba ta fi ido gaskiya. Kai firem ɗin tsakiyar tazarar ka karanta lambar juyawar abin. Ko ka danna `N`, ka shiga `F-Curve`, ka duba `Active Keyframe`: za ka ga lambar kifirem da ta hannayensa biyu. Idan hannu ɗaya ne kaɗai ya ɗaga, cire lambar kifirem daga ta hannu, ka ninka da 4/9, ka samu girman zarcewar tun kafin ka kunna motsin.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta isa a riƙe. Layin Beziye ba ya taɓa fita daga cikin da'irar ɗigo huɗun da suka zana shi. Saboda haka idan hannayen biyu ba su haura lambar kifirem mafi girma ba, ba su kuma gangara ƙasa da ta mafi ƙanƙanta ba, zarcewa ba za ta yiwu ba a wannan ɓangaren. Duk gyaran da ke ƙasa hanyoyi ne na mayar da hannu cikin wannan iyaka.

Mene ne gyara mafi sauri a Blender?

Zaɓi kifirem ɗin firem 10 da na firem 135, ka danna `V`, ka zaɓi `Auto Clamped`. Hannayen za su kwanta nan take, layin ya miƙe a kan 90. Abin da wannan nau'in yake yi shi ne ya kwantar da hannu a duk inda kifirem ya zama ƙololuwa ko ƙasan rami ko yake daidai da maƙwabcinsa, ya kuma hana bakin hannu wuce lambar maƙwabci a sauran wurare.

`Auto Clamped` shi ne abin da Blender take sa wa sabon kifirem tun asali. Idan ka tarar da `Automatic` a aikinka, to ko dai fayil ɗin daga wani wuri ya zo, ko wani ya sauya saitin. Duba `Preferences`, sashen `Animation`, wurin `Default Handles`. Idan manhajarka a Faransanci take, sunayen za su bambanta, amma haruffan gajeriyar hanya ba sa sauyawa, kuma `V` da `N` da `T` a wuri ɗaya suke a allon rubutu na Faransa da na Ingilishi.

Na sa `Auto Clamped`, zarcewar ta tafi, amma yanzu motsin ya mutu. Me ya faru?

Wannan ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a kanta, domin nan ne mutane suke gyara matsala ɗaya su sayi wata.

Kwantaccen hannu yana nufin gudu sifili a wannan firem. Kuma hannayen `Auto Clamped` biyu a layi ɗaya suke, idan na dama ya kwanta na hagu ma ya kwanta. Sakamakon haka ƙofar za ta fara rage gudu tun kafin ta kai firem 10, ta iso 90 a natse. Ga ƙofar da mutum ya buɗe da hannu a hankali, haka ake so. Ga ƙofar da iska ta bankaɗa ta bugi bango, wannan ƙarya ce, domin abin da ya bugi bango ba ya rage gudu kafin ya buga.

A irin wannan sai a raba hannayen. Zaɓi kifirem ɗin firem 10, danna `V`, zaɓi `Free`. Bar hannun dama a kwance a kan 90, ka ja na hagu ƙasa ya nufi inda motsin ya fito. Layin zai karye a firem 10, kuma karyewar ita ce bugun. Idan ba ka son ja da hannu, `Vector` yana juya kowane hannu ya kalli maƙwabcinsa kai tsaye: na dama ya kalli firem 135, don haka ya kwanta, na hagu ya kalli firem 0.

Shari'ar ta fi wuya idan lambobin biyu ba daidai suke ba. A ce ƙofar ta kai 90 a firem 10, sannan ta ci gaba da buɗewa a hankali zuwa 95 a firem 135, irin ɗan motsin da ake bari don kada abu ya daskare kamar hoto. Gudun wannan ɓangaren digiri 5 ne cikin firem 125, wato 0.04 a firem. Tunda hannu kashi ɗaya cikin uku ne na tazarar, bakinsa zai taɓa 95 idan karkatarsa ta kai ninki uku na wannan gudun, wato 0.12. Fiye da haka hannun ya fita daga iyakar da take ba da tabbaci. Amma ƙofar ta taho da digiri 9 a firem. Babu karkata ɗaya da za ta gamsar da ɓangarorin biyu, tsakanin 9 da 0.12 akwai rata mai yawa.

Mafita mai kyau a nan ita ce a ba motsin wurin taka birki. Sauke kifirem ɗin firem 10 zuwa 80, ka sa sabo a firem 18 mai digiri 90, ka bar 95 a firem 135. Yanzu gudun yana sauka mataki-mataki: 8 a firem, sai 1.25, sai kusan 0.04. Doguwar tazarar ba ta maƙwabtaka da gudu mai ƙarfi kuma, don haka `Auto Clamped` ba ya buƙatar matse hannu da ƙarfi, kuma ido yana ganin ƙofa mai nauyi da take lafawa.

Ba zan iya ƙara kifirem da yawa a tsakiya in danne tozon ba?

Za ka iya, amma ba mu ba da shawarar haka. Kifirem da aka sa a tsakiyar tozo aka ja shi ƙasa yana raba tozo ɗaya ya zama ƙanana biyu, wani lokaci ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kuma ranar da mai shago ya ce a tsawaita tsayawar da daƙiƙa biyu, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kifirem ɗaya a wurin da ya dace ya fi goma a tsakiya. Idan dole ka bar hannayen atomatik, kwafi kifirem ɗin firem 10 da `Shift+D` ka ajiye shi a firem 12. A lissafin da muka yi a sama, sabon kifirem ɗin maƙwabtansa biyu duk 90 ne, don haka hannunsa zai kwanta, zarcewar kuma ta taƙaita cikin firem biyu, kusan digiri 2. Tsohuwar dabara ce, tana aiki, amma sauya nau'in hannu ya fi ta tsabta.

Mene ne `Continuous Acceleration`, kuma ya kamata in kashe shi?

Saiti ne na layi gaba ɗaya, yana cikin `N`, sashen `F-Curve`. Idan yana kunne, Blender ba maƙwabta biyu kaɗai take dubawa ba, tana lissafa hannayen layin tare domin saurin ƙaruwar gudu kada ya yi tsalle a kan kifirem. Motsin kyamara yana yin laushi sosai da shi. Farashinsa shi ne taɓa kifirem ɗaya yana girgiza layin har nesa, kuma idan aka haɗa shi da `Automatic` zarcewa da lilo suna ƙaruwa.

Ba sai ka kashe shi ba. Hannun `Free`, `Aligned` ko `Vector` yana yanke wannan yaɗuwar, haka ma ƙololuwar da take da `Auto Clamped`. Idan wani ɓangare yana ta motsawa duk lokacin da ka gyara wani wuri, mayar da kifirem ɗin da ke tsakaninsu `Aligned`, ka raba su. Sai idan layin duka motsin inji ne, mai tsayawa da tashi, sannan ka mayar da saitin `None`.

Me zai hana in mayar da komai `Linear` in huta?

Zarcewa za ta ɓace, gaskiya ne, domin miƙaƙƙen layi ba shi da hannu. Amma idan ka yi wa layin duka, ƙofar za ta tashi da cikakken gudu ta tsaya da cikakken gudu kamar injin markaɗe. Yi wa ɓangaren tsayawa kaɗai. A Blender nau'in da ka sa wa kifirem yana mulkin tazarar da take bayansa zuwa na gaba, don haka zaɓi na firem 10 kaɗai, danna `T`, zaɓi `Linear`. Lura cewa hannun hagu na wannan kifirem yana nan da karkatarsa, sai ka duba yadda ƙofar take isowa.

Hannayen a kwance suke, layin a miƙe yake, amma har yanzu abin yana motsi.

To ba a wannan layin matsalar take ba. Fara da sauran layukan: wuri yana da uku, juyawa tana da uku ko huɗu, kuma sau da yawa an gyara `Z` an manta da `X`. Ƙasusuwan Blender tun asali da `Quaternion` suke juyawa, mai layi huɗu, `W`, `X`, `Y`, `Z`. Waɗannan huɗun tare suke aiki, idan ka kwantar da hannun ɗaya ka bar ukun za ka samu juyawa mai ban mamaki. Zaɓe su duka a firem ɗin ka sauya su lokaci ɗaya.

Sai ka duba ko lambobin biyu daidai suke da gaske. 90 da 90.4 a ido ɗaya ne a giraf da aka ƙanƙanta. Rubuta lambar da hannu a `Active Keyframe` maimakon ja da linzami.

Bayan haka akwai uwar abin. Ƙofa tana iya tsayawa cak amma abin da aka ɗaura ta a kansa, ko kyamarar kanta, shi ne yake zarcewa. Akwai kuma `Modifiers` na layin, kamar `Noise` ko `Cycles`, da suke ƙara motsi a kan abin da hannaye suka zana.

Wani tarko da ake yawan faɗawa: da zarar ka ja hannun `Auto Clamped` da linzami, ko da kuskure ne, ya koma `Aligned`. Daga nan ba ya sake daidaita kansa. Idan daga baya ka matsar da lambar maƙwabcinsa, hannun yana nan inda ka bar shi, zarcewar ta dawo. A `Dope Sheet` ana gane su da siffa idan an kunna nuna hannaye: da'ira ita ce `Auto Clamped`, da'ira mai ɗigo a ciki `Automatic`, murabba'i kuma `Vector`.

A After Effects nake aiki. Rubutun talla yana yawo tsakanin kifirem biyu masu wuri ɗaya, kuma giraf ɗin bai nuna mini hannun da zan kama ba.

After Effects tana raba abu biyu da Blender take haɗawa. `Position` yana da daidaitawar lokaci, wadda ake gani a `Graph Editor`, yana kuma da daidaitawar hanya, wadda ake gani a kan allon hoton kansa. Ta hanyar tun asali `Auto Bezier` ce. Idan kifirem biyu suna wuri ɗaya, hanyar tana iya zama ɗan madauki da ya fita ya dawo, rubutun kuma ya bi shi a hankali tsawon daƙiƙa biyar ɗin.

Zaɓi kifirem biyun, danna dama, shiga `Keyframe Interpolation`, ka mayar da `Spatial Interpolation` zuwa `Linear`. Domin kada ta sake faruwa a sabon aiki, kunna `Default Spatial Interpolation to Linear` a `Preferences`, sashen `General`. Danna `F9` ba ya maganin wannan, domin `Easy Ease` gudu kawai yake taɓawa, madaukin yana nan. Ga tsayawa ta gaske, `Toggle Hold Keyframe` a kan kifirem na farko yana daskarar da lambar har zuwa na gaba.

A Maya da Unity fa?

Sunaye ne suka bambanta. A Maya `Spline` shi ne mai zarcewa, kuma karkatarsa irin lissafin farko ce da muka yi da ƙofa. `Auto` da `Plateau` suna kwantar da ƙololuwa, `Flat` yana kwantar da duk abin da ka zaɓa, `Clamped` kuma yana miƙar da layi tsakanin kifirem masu lamba kusan ɗaya. A Unity `Clamped Auto` shi ne mai birki, tsohon `Auto` ba shi da shi.

Idan za ka fitar da motsi daga wata manhaja zuwa wata, kada ka ɗauka hannayenka za su isa lafiya. Wadda ta karɓa tana iya sake lissafa su da nata tsarin, ko ta rage kifirem don fayil ya yi sauƙi, doguwar tsayawar ta sake yin tozo. Fitar da motsin da kifirem a kowane firem, sannan ka duba tsakiyar tsayawar a can ɗin ma.

Shin duk zarcewa aibi ce?

A'a. Ƙofar ƙarfe mai nauyi da aka tura takan wuce kaɗan ta dawo, kuma ido yana son ganin haka. Bambancin yana cikin lokaci. Zarcewar da nauyi yake haifarwa gajeriya ce, tana zuwa nan da nan bayan isowa. Wadda hannun atomatik ya ƙirƙira tana miƙewa tsawon tazarar duka, a misalinmu ƙololuwarta tana zuwa fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi bayan ƙofar ta iso, kuma babu ƙofar da take yin haka.

Idan kana son ta, sa ta da kanka: digiri 96 a firem 10, 88 a firem 15, 90 a firem 19, sai 90 a firem 135, duka da `Auto Clamped`. Kowace ƙololuwa yanzu kifirem ce da ka san lambarta, kuma idan an tsawaita tsayawar zuwa daƙiƙa goma girman zarcewar ba zai sauya ba.

Kafin ka tura aikin ya kwana yana fitowa, musamman a inda wuta take ɗaukewa, fitar da gwaji mai sauri, ka kalli tsayawar kaɗai, idonka a kan gefen ƙofar da bangon da ke bayanta.